Mota ta ƙi tashi a Tumfure: wace waya ake fara maƙalawa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min da gaggawa. Na fito zan kai yara makaranta, mota ta ƙi tashi. Idan na murɗa makulli sai dai in ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod su dushe. Yanzu na lura ƙofar baya ba ta rufu sosai ba tun jiya, fitilar ciki ta kwana a kunne. Corolla ce, otomatik. Maigidan yana Bajoga. Ɗan maƙwabcinmu ya kawo motar babansa da wayar jona batir, amma ya ce shi ma bai taɓa yi da hannunsa ba. Wace ake fara sawa, ja ko baƙa? Muna Tumfure.

Sani Direba: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu mai sauƙi. Ja a kan ja, baƙa a kan baƙa, ki murɗa. Ko kuma a samu matasa su tura ta, a sa a giya ta biyu a saki kuloci.

Anti Rifkatu: Sani, ta ce otomatik ce fa. Wane kuloci kuma?

Sani Direba: Af, ban lura ba. To turi babu, otomatik ba ta tashi da turi. A yi haƙuri.

Malam Buba mai wayarin: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada yaron ya maƙala komai tukuna. Ki buɗe bonet ki dubi batirin da idonki. Abu uku nake so ki gaya min: gefensa ya kumbura? Akwai tsagewa ko ruwa yana tsatsafowa? Kina jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai? Idan ko ɗaya daga ciki akwai, ba a jona shi, sai dai a cire a canza. Sannan motar maƙwabcin wace iri ce?

Maman Hanif: Malam, babu kumburi, babu wari. Sai wani farin gari mai ɗan shuɗi-shuɗi da ya taru a kai ɗaya. Motarsu Golf ce.

Malam Buba mai wayarin: Madalla. Golf da Corolla duk 12V ne, sun dace. Farin garin nan tsatsar kan batir ce, tana hana wuta wucewa. A kankare wurin da waya za ta kama da tsohon buroshi, kada a taɓa da hannu tsirara, kada kuma a hura da baki ya shiga ido.

Yanzu a matso da Golf ɗin kusa yadda waya za ta kai ba tare da an ja ta ba, amma jikin motocin kada ya taɓa juna ko kaɗan. Taki a P, tasu a firi, a ja birkin hannu duka biyun. A kashe su, a zare makulli, a kashe fitilu, rediyo da na'urar sanyi. Yaron ya cire agogo da zobe in yana da su. Yara su koma bakin ƙofa. Babu mai shan taba a kusa.

Sai abin da ya fi komai: kada ku dogara da launin wayar da ke jikin motar, domin motocinmu sun sha hannu, na sha ganin jar waya a inda baƙa ya kamata ta zauna. Ku nemi alamar da ke jikin batirin kansa, + da −. In ƙura ta rufe a goge. Kan + ya ɗan fi na − kauri, kuma wayar − gajeriya ce, za ki ga ta tafi an ɗaure ta a jikin mota. In kun gane su a batir biyun ki faɗa min.

Maman Hanif: Mun gani. Namu + ɗin yana da murfin roba ja.

Malam Buba mai wayarin: To bismillah. Baki huɗu ne, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, jan baki a kan + na batirinki da ya mutu.
Na biyu, ɗaya jan bakin a kan + na Golf.
Na uku, baƙin baki a kan − na Golf.
Na huɗu, ɗaya baƙin bakin ba a kan batirinki zai sauka ba. A nemi ƙarfe mai kauri marar fenti a jikin injin motarki, kamar babban noti ko ƙugiyar da ake ɗaga inji da ita, nesa da batirin, nesa da bututun mai, nesa da fanka da bel. A nan za a maƙala.

Tun daga lokacin da kuka sa na farko, kada bakin ja ya taɓa na baƙi, kada kuma ja ya goga jikin mota. Bakin da ba a riga an maƙala ba a riƙe shi a hannu ta wurin robarsa, kada a ajiye shi yana lilo cikin inji.

Sani Direba: Baba Buba, da girmanka, amma shekara goma sha ina jan Sharon tsakanin Gombe da Bauchi, kullum a kan batir nake sa baƙar, ban taɓa ganin komai ba. Ai ƙarfen inji da − ɗin abu ɗaya ne.

Malam Buba mai wayarin: Gaskiyarka Sani, ta fuskar wuta abu ɗaya ne, shi ya sa motar ke tashi ta kowace hanya. Bambancin yana ga inda tartsatsi zai fito. Duk bakin da ka sa na ƙarshe shi ke rufe hanyar wuta, kuma a nan ake ganin ɗan tartsatsin nan. Shi kuwa batir, musamman wanda ya tsufa ko ruwansa ya ja baya, yana fitar da iskar haidurojin, ba a ganinta, ba ta da wari, amma tana kamawa kamar fetur. In tartsatsi ya same ta a bakin murfi, batirin na iya tarwatsewa, kuma fuskar mutum tana daidai samansa domin ya sunkuya yana maƙalawa. Sau ɗari za ka yi lafiya lau. Ni dai na ga na ɗari da ɗayan a garejin da na koyi aiki, murfin batir ya tsage, ruwan ya watsu wa abokin aikina a fuska da riga. Allah Ya tsare idonsa, amma tabon yana nan har yau. Tun ranar nake kai tartsatsin can jikin inji.

Anti Rifkatu: Tunda an zo nan bari in sa baki. Ruwan batir asid ne. In ya shiga ido, ba a murzawa, ba a ɗiga nono ko man ja ko wani magani. Ruwa mai tsabta za a yi ta kwararawa ido a buɗe, aƙalla minti 20 ba tsayawa, sannan a wuce asibiti ko da mutum ya ji sauƙi. In a fata ne a cire rigar a wanke da ruwa mai yawa. Mun sha karɓar waɗanda suka tsaya neman abin hawa kafin su wanke, lokacin ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Maman Hanif: Mun haɗa kamar yadda ka ce Malam. Na murɗa, har yanzu ƙas-ƙas ɗin ne.

Malam Buba mai wayarin: Kada ki ƙara murɗawa tukuna. An tayar da Golf ɗin?

Maman Hanif: A'a, a kashe take.

Malam Buba mai wayarin: To ya tayar da ita, ya bar ta tana aiki minti biyar, ya ɗan taka totur kaɗan, ba ihu ba. Batirin da ya kwana yana zuba sai ya ɗan sha kafin ya taimaka. Kafin nan ki duba min inda aka maƙala baƙin na ƙarshe. Ƙarfen yana ƙyalli ko baƙi ne mai fenti?

Maman Hanif: A wani ɗan faifan ƙarfe ne kusa da fitila, mai launin motar.

Malam Buba mai wayarin: Ga matsalar nan. Fenti ba ya barin wuta ta wuce, kuma faifan bodi siriri ne. A kashe Golf ɗin, a cire wannan bakin kaɗai a mayar da shi kan noti a jikin injin kansa, a ɗan jujjuya shi haƙoransa su ciji ƙarfe. Jan da ke kan batirinki ma a jujjuya shi, saboda tsatsar nan. Sai a sake tayar da Golf, a ƙirga minti biyar. In za ki murɗa, kada ki wuce daƙiƙa biyar zuwa goma. In ba ta kama ba ki saki, ki jira minti ɗaya, kik yana zafi da sauri.

Ɗan Pantami: Ni shawarata ki sayi na tubula kawai, mai 200Ah. Namu shekara biyu ke nan yana ɗaukar fanka da talabijin har asuba.

Anti Rifkatu: Ƙanena, batirin mota ake magana, ba na sola ba.

Ɗan Pantami: Na shigo a tsakiya ne, afuwan. Amma tunda na yi magana, in mutum ya maƙale a gida babu wata motar, zai iya tayar da ita da batirin sola?

Malam Buba mai wayarin: In guda ɗaya ne mai 12V, kuma an raba shi da inbata da fanel gaba ɗaya, yana tayar da ƙaramar mota, tsarin maƙalawar ma ɗaya ne. Haɗarin shi ne gidaje da yawa batir biyu ne aka jera suka zama 24V, wasu huɗu 48V. Ka ɗauko wuta daga bakin jerin nan ka kai wa Corolla, ka gama da ita. Haka tirela da tifa, yawancinsu 24V ne, kada wani ya ce zai taimaka maka daga can. Na lithiyom kuwa a bar shi inda yake, ba don wannan aka yi shi ba.

Maman Hanif: Alhamdu lillahi! Ta tashi! Bugu ɗaya. Yanzu mu zare wayoyin?

Malam Buba mai wayarin: Masha Allah. Kada ki kashe ta. A zare ta baya-baya: baƙin da ke jikin injinki, sai baƙin Golf, sai jan Golf, na ƙarshe jan batirinki. A kula da gyale da hannun riga, inji yana juyawa, kuma fankar lagireto takan tashi da kanta ba sanarwa. Ki dubi dashbod, jar fitila mai hoton batir ta mutu ko tana nan?

Maman Hanif: Ta mutu. Allah Ya saka da alheri Malam, Ya ƙara buɗi. Bari in kai yara, sun riga sun makara.

Malam Buba mai wayarin: Amin. In kin sauke su kada ki kashe a ƙofar makaranta. Ki yi tafiya kamar ta rabin awa, ko ki miƙa hanyar Dadin Kowa ki juyo, na'urar sanyi a kashe. Wannan zai ba shi abin da zai sake tayar da ita ne kawai, ba cika shi zai yi ba. Batirin da ya zube ƙasa sai an kai wa mai caji ya kwana a kan na'ura.

Alhaji Ɗanjuma: Na zo a makare, amma ina da abin faɗa, don ni abin ya ci ni. Bara da damina, bayan isha'i, a hanyar Kumo motata ta mutu. Wani bawan Allah ya tsaya zai taimaka, duhu, fitilar waya kawai. Batirinsa a juye yake da nawa, wato + ɗinsa yana inda − ɗina yake. Ya maƙala da kyakkyawar niyya, sai wani tartsatsi mai ƙara, wayar ta yi zafi har roba ta fara narkewa. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba aka fizge. Bayan nan ko fitilar dashbod ba ta kawo ba. Sai janyo ta aka yi washegari. Babban fis ya ƙone, altaneta mai yi wa batir caji ma sai da aka sauke. Mai gyaran ya ce in gode wa Allah birenbos, wato kwamfutar motar, bai tafi ba.

Malam Buba mai wayarin: Allah Ya mayar da alheri Alhaji. Abin da ya faru ke nan in an juya. A cikin altaneta akwai wasu ƙananan abubuwa da muke kira dayod, hanya ɗaya suke barin wuta ta bi. In aka kawo ta a juye sai su buɗe mata gaba ɗaya, wuta mai yawa ta kwarara, ko babban fis ya tsinke ko su su ƙone, wani lokaci duka biyun. Fis ɗin nan sadaukar da kansa yake yi don sauran kaya su tsira. Shi ya sa nake jin takaici in na buɗe mota na tarar an ɗaure wurinsa da waya. Kuma alama ce ga kowa: ɗan tartsatsi ƙarami a bakin ƙarshe ba komai ba ne, amma in ya yi ƙara ya yi feshi, a cire nan take a sake duba + da −.

Sani Direba: Mu a tasha ba mu cika wahala da waya ba. Ka ciro batirin wata motar ka ɗora, ka tayar, tana aiki ka cire ka mayar da naka. Ko a kifa batir a kan batir a haɗa da sifana biyu. Kuma da haka muke gane altaneta: ka cire kan batir, in mota ta mutu ba ya caji.

Malam Buba mai wayarin: Sani, wannan ita ce wadda nake roƙonka ka bari, fiye ma da maganar baƙar waya. A zamanin 504 mai kafireto an yi haka an zauna lafiya, domin ba ta da kayan lantarki da yawa da za su ƙone. Motar yanzu kwamfuta ce ke ba ta mai da wuta. Batir ba tayar da mota kaɗai yake yi ba, shi ke shanye hawa da saukar wutar da altaneta ke bayarwa. Ka cire shi inji yana juyawa, wutar ta rasa inda za ta zuba, sai ta yi tsalle sama da 14V ɗin da aka saba, nesa ba kusa ba, cikin ƙiftawar ido. Wani lokaci ba a ganin komai ranar. Bayan sati biyu mota ta fara ɓata wuta, ko mita ta haukace, a ce aljanu ne ko man da aka sha. Ga kuma jar wayar da ke lilo a hannunka da wuta a jikinta, ta taɓa bodi shi ke nan.

Sifana kuwa ba ta da roba. In ta zame ta haɗa + da ƙarfe, nan take take yin ja, ta manne, ba ka iya fizge ta da hannu. Kifa batir kuma zubo asid ne a kan wayoyi. Gwajin altaneta ai mitar auna wuta ce, ba ta da tsada: mota a kashe, lafiyayyen batir cikakke yana nuna wajen 12.6. In an tayar ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.5. In ya tsaya a 12 da ɗoriya inji yana aiki, ba ya caji. Ba sai an cire komai ba.

Sani Direba: Na ji ta cire kai, zan sayi mitar. Amma sifana, Baba, in ka maƙale a dajin Alkaleri da fasinja cike da mota, abin da ke hannunka da shi za ka yi.

Malam Buba mai wayarin: To ka sa waya a but tun daga Gombe. Kuma mai kauri. Kik na ƙaramar mota yana jan sama da amfiya 100 lokacin bugu, sirarar wayar nan da roba ta fi ƙarfen cikinta yawa sai dai ta yi zafi motar ba ta juya ba. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka leƙa inda aka haɗa ta da baki ka ga kaurin jan ƙarfen.

Usman Bolari: Malam Buba, tambaya. Ni abin da na saba, ina barin motata ta yi wa matacciyar caji minti goma, sannan in kashe tawa kafin a buga waccan. Dalilina, kada kik ɗin wata motar ya ja wa altanetata nauyi. Kai kuma ka ce a bar Golf tana aiki. Wanne ne daidai?

Malam Buba mai wayarin: Usman, a nan masu aikin ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wanda ya bar ta tana aiki yana samun ƙarin ƙarfi, kuma ba zai wayi gari da motoci biyu matattu ba. Wanda ya kashe yana kare altanetarsa da kwamfutarsa. Ni a tsofaffin motoci irin Golf ɗin nan ina bari tana aiki. In sabuwar mota ce mai kayan lantarki da yawa, littafinta nake bi. Wasu ma batirinsu a but yake ko ƙarƙashin kujera, an fitar musu da wurin maƙalawa na musamman a gaba, + mai jan murfi da wani noti na baƙa. Masu haɗin lantarki da fetur irin Prius ana iya tayar da su, amma ba na yarda a tayar da wata da su, ƙaramin batirinsu ba na wannan aikin ba ne.

Usman Bolari: To ni dai zan ci gaba da kashewa. Ban taɓa rasa tashi ba in na ba ta minti goman.

Malam Buba mai wayarin: In batirinka mai ƙarfi ne kuma wayarka mai kauri, ba ni da ja.

Maman Hanif: Salam. Na dawo da bayani. Bayan na sauke yara na biya wurin wani mai wayarin a unguwarmu. Ya sa mita mota tana aiki, ta nuna 14.1, ya ce altaneta lafiya. Ya wanke kawunan da ruwan zafi ya ɗaure su, ashe na − ɗin ma a kwance yake, da hannu ya juya shi. Ya ce in bar batirin ya kwana a caji. Da na tambayi maigidan ya ce ya kusa shekara uku da sayensa. Malam, in canza ne ko in ci gaba da shi?

Malam Buba mai wayarin: 14.1 daidai ne. Kada ki yi saurin saye, tunda mun san abin da ya zubar da shi, fitila ce ta kwana. A yi cajin. In an sauke shi kada a gwada nan take, domin yana fitowa da lamba mai daɗin gani wadda ba ta gaskiya ba. A mayar da shi mota ya huta dare ɗaya, da safe kafin a tayar a sa mita. In ya riƙe 12.5 ko sama, yana da sauran rai. In ya sauko 12.2 ko ƙasa ba tare da an bar komai a kunne ba, ko dai ya gaji ko wani abu yana shan wuta a ɓoye. Sannan mai mitar ya riƙe ta a kai lokacin da kike murɗa makulli: in lambar ta faɗi ƙasa da 10 sosai, ya kusa. Shekara uku a zafin Gombe ba kaɗan ba ne, zafin Maris da Afrilu ke cinye batir, sanyin hunturu kuma ya tona asirinsa da asuba. Zubewa ƙasa irin ta yau ma tana rage masa kwana.

Alhaji Ɗanjuma: Hajiya, a gaya wa maigida ya saya miki waya taki ta kanki a ajiye a but, da ƙaramar tocila.

Maman Hanif: In sha Allah Alhaji. Malam Buba, jibi da safe zan turo maka lambar da mitar ta nuna.

Malam Buba mai wayarin: Allah Ya kai mu. Ki turo guda biyun, ta kafin a murɗa da ta lokacin bugu.